Hoto Ya Fito, Sauti Ya Ƙi: Haɗa Na'urar Gem da Monitar Kwamfuta

Tun da kuɗin talabijin ya yi tashin gwauron zabi, samari da yawa masu PlayStation da Xbox suka karkata ga monitar kwamfuta, kuma suna da hujja. Monita ta hannu mai inci 22 ko 24, irin wadda aka gama aiki da ita a ofisoshin Turai ta ƙare a shagunan titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta fi talabijin araha nesa ba kusa ba. Ba ta cin wuri. Wutar da take ja yawanci ba ta wuce wat 20 zuwa 30, abin da mai ƙaramar sola ko inbata ba zai raina ba. Ga kuma saurin amsawa: monita ba ta tsayawa yi wa hoto kwalliya kamar yadda talabijin ke yi, saboda haka ɗan wasa na danna maɓalli abin ke faruwa a gabansa.

Matsalar tana bayyana ne bayan an kai kaya gida. An jona kebul, an kunna, hoto ya fito tar, 'yan ƙwallo suna ta guje-guje a fili, amma ɗaki tsit. Babu ihun 'yan kallo, babu usur ɗin alƙalin wasa. A nan ne wasu ke zargin na'urar gem ta lalace, wasu su koma shago da faɗa, wasu kuma su sayi sabon kebul har sau biyu. Galibi babu abin da ya lalace. Sautin ne bai sami ƙofar fita ba, ko kuma tun farko na'urar ba ta aiko shi ba.

Kebul ɗin HDMI, wanda aka fito da tsarinsa a ƙarshen 2002, hoto da sauti yake ɗauka a tare. Babu wata waya ta daban a cikinsa da aka keɓe wa sauti. Ana cusa sautin ne, a matsayin lambobi, cikin 'yan gajerun giɓi da ke tsakanin layukan hoto. Shi ya sa mutum ba zai iya feɗe kebul ɗin ya zaro waya biyu ya kai wa sifika ba, kamar yadda ake yi da tsohon kebul mai kai uku, ja da fari da rawaya. Dole sai an sami wata na'ura a hanya da za ta tsinto lambobin nan ta mayar da su sautin da sifika ke ganewa. A talabijin wannan aikin a ciki yake, babu wanda ke lura da shi. A monita kuwa wani lokaci yana nan, wani lokaci babu.

Akwai kuma abu na biyu, wanda shi ne tushen yawancin ruɗanin. Da zarar an jona kebul, na'urar gem tana karanta wani ɗan bayani da ke ajiye a cikin monita, wanda masu sana'ar ke kira EDID. A cikinsa monita ke faɗin girman hoton da take iya nunawa, da sau nawa take sabunta shi a daƙiƙa, da kuma ko tana karɓar sauti. Na'urar gem ba ta gardama da wannan bayani. Idan monita ta ce ba ta san sauti ba, to ba za a tura sauti cikin kebul ɗin ba sam. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe bakin zaren, domin duk dabarun da ke tafe a kansa suke.

A fara juya monitar

Kafin a sayi komai, a juya monitar a dubi bayanta da kyau, da fitilar waya in ta kama, don ramukan suna ɓuya ne a ƙarƙashi, suna kallon ƙasa.

Idan tana da ramin HDMI da sifika a jikinta, aiki ya zo da sauƙi. Sau tari abin da ya rage shi ne a shiga saitin monitar ta maɓallan jikinta, a nemo Volume a ɗaga, a tabbatar ba a kan Mute take ba, domin a ofis an saba kashe sautin. Wasu suna da zaɓin Audio Source ko Audio Input. A mayar da shi kan HDMI. Sai dai kada a sa rai da yawa. Sifikun jikin monita ƙanana ne, yawanci wat 2 ko 3 kowace, an yi su ne don ƙarar saƙo da taron bidiyo. Suna fidda magana, amma babu kauri, kuma fanka na juyawa ko jannaretan maƙwabci na ruri sai su ɓace.

Wadda ta fi yawa ita ce mai HDMI, babu sifika, amma da ɗan zagayayyen rami na milimita 3.5, irin na iyafis ɗin waya. A nan ne ya kamata a tsaya a karanta abin da ke rubuce a gefen ramin, domin ramuka biyu ne masu kama ɗaya da aiki mabambanci. Idan an rubuta Audio Out ko Line Out, ko an zana hoton hedfon, to ƙofar fita ce: monitar tana tsinto sauti daga HDMI ta miƙo shi nan. Idan kuwa an rubuta Audio In ko PC Audio, ƙofar shiga ce, an yi ta ne don kwamfuta mai kebul ɗin VGA ta turo sauti zuwa sifikun monitar. Ko kwana mutum zai yi da hedfon a wannan ramin ba zai ji komai ba. Da yawa daga masu cewa ramin monitarsu ya mutu, wannan ne ya same su.

Ko a ramin fitar ma akwai bambanci. Mai alamar hedfon yana da ɗan ƙarfin da zai tura hedfon, kuma ana ƙara shi ko a rage ta saitin monita. Mai rubutun Line Out an yi shi ne don sifika mai wutar kanta. A littattafan monitocin Dell da dama an faɗa ƙarara cewa ba na hedfon ba ne. Idan aka sa hedfon a irinsa, sauti kan fito a shaƙe, ko ya ƙi raguwa da ƙaruwa.

Sifika mai wutar kanta, wato wadda ake jona wa soket ko USB ko mai batir, ita ce abokiyar wannan rami. Ƙananan sifikun kwamfuta, da wufa mai ramin AUX, da hom tiyata mai ramukan ja da fari, duk suna yi. Ga hom tiyata sai a nemi kebul mai kai ɗaya siriri a gefe guda, ja da fari a ɗaya gefen, a kuma danna rimot zuwa AUX. Amma sifika tsura, irin wadda aka ciro daga tsohuwar rediyo mai waya biyu a baya, ba za ta yi magana ba sai an sa amfilifaya a tsakani. Dabarar da ta fi fidda sauti mai tsabta ita ce a ɗaga ƙarar monitar sama sosai, kamar 80 cikin 100, sannan a riƙa ragewa da ƙarawa a jikin sifikar. Idan aka yi akasin haka, monita a ƙasa sifika a ƙure, sai a ji wani shuu yana bin bayan kowane sauti.

A ɓangaren na'urar gem akwai saiti ɗaya da ya wajaba a duba. Monita sauti mai hanya biyu kawai take ganewa, hagu da dama, ba tare da an matse shi ba. A PS4 da PS5 a nemo Audio Format (Priority) a zaɓi Linear PCM. A Xbox kuwa, ƙarƙashin Volume & audio output, a zaɓi Stereo uncompressed. Na'urar da ta taɓa zama a falo tare da hom tiyata tana iya kasancewa a kan Dolby ko DTS, kuma waɗannan matsattsun sauti ne da monita ba ta da abin warware su.

Ramin da ke hannun ɗan wasa

Akwai ƙofar da ba ta biyo ta monita ko kaɗan, kuma abin mamaki ne yadda ake mantawa da ita. Fad ɗin PS4 da na PS5 duk suna da ramin hedfon a ƙasansu, haka ma fad ɗin Xbox da aka ƙera daga 2015 zuwa yau. A PS4, bayan an soka iyafis, ana bin wannan hanya:

```
Settings > Devices > Audio Devices > Output to Headphones > All Audio
```

Idan aka bar shi a kan Chat Audio, muryar abokan wasa kawai za a ji, sautin gem ɗin ba zai zo ba. A PS5 zaɓin yana ƙarƙashin Sound, sannan Audio Output. Ga wanda ke wasa shi kaɗai da dare, mutanen gida na barci, babu hanyar da ta kai wannan, kuma tana ɗaukar makirufo. Ramin monita fitarwa kawai yake yi, ba ya mayar da murya.

Iyakarta ita ce batir ɗin fad yana saurin ƙarewa, kuma mutum ɗaya take yi wa aiki. Wasu kan ja doguwar waya daga fad zuwa wufa don kowa ya ji. Yana yi, amma wayar na bin hannun ɗan wasa duk inda ya karkata, kuma da an sa fad ɗin caji a haka sau da yawa sai gurnani ya shigo. Masu Nintendo Switch sun huta da wannan: ramin a jikin na'urar yake, yana aiki ko tana zaune a mazauninta, kuma tun Satumbar 2021 tana karɓar hedfon na bulutut kai tsaye. PS4 da PS5 da Xbox ba sa karɓar irin wannan hedfon kai tsaye. Masu PlayStation suna iya soka ɗan ƙaramin katin sauti na USB, da yawansu suna aiki, amma Xbox ba ta kula irin waɗannan sai wanda aka ƙera mata musamman.

Maganar bulutut kuma, ko an samu hanyar haɗawa, yana zuwa da jinkiri. A hedfon na gama-gari yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba a ji, amma a gem ƙwallo za ta shiga raga kafin a ji ƙarar bugunta.

Tsofaffin na'urori sun fi sababbi yalwar ƙofofi. PS3 tana da ramin kebul mai kai uku, kuma akwai saitin Audio Multi-Output da ke barin hoto ya bi HDMI, sauti ya bi ja da fari. PS4 ta farko, ta 2013, da PS4 Pro, da dangin Xbox One, duk suna da ramin oftikal, wanda ke tura sauti da jan haske zuwa hom tiyata. Amma PS4 Slim ta 2016 ba ta da shi, haka PS5 da Xbox Series X da Series S da suka fito a 2020. Kamfanonin sun ɗauka kowa talabijin gare shi. Wannan ne ya buɗe wa ƙaramin akwatin cire sauti kasuwa.

Akwatin cire sauti

A jikin kwalinsa ana rubuta HDMI Audio Extractor. Bai fi tafin hannu ba. Yana da ramin HDMI IN, inda kebul daga na'urar gem ke shiga, da HDMI OUT, inda wani kebul ke fita zuwa monita. A gefe akwai ramukan sauti: oftikal, da ja da fari ko siririn ramin hedfon. Sai ramin wuta na bolt 5, wanda cajar waya mai kyau ke iya ciyarwa. Hoto yana ratsawa ya wuce yadda ya zo, sauti kuma akwatin ya tsince shi ya fitar. Ana bukatar kebul ɗin HDMI biyu ke nan, abin da masu saye kan manta sai sun isa gida.

Abin da ya fi komai muhimmanci a jikinsa wani ɗan maɓalli ne da ake turawa, mai matsayi uku: PASS, da 2CH, da 5.1CH. Mai shago ba kasafai yake bayaninsa ba, alhali shi ke yanke hukuncin ko za a ji sauti ko ba za a ji ba. Maɓallin yana sauya bayanin nan na EDID ne da na'urar gem ke karantawa.

A ɗauki misalin saurayi mai PS4 Slim da monitar ofis mai inci 22, wadda ba ta da HDMI ma, sai farin ramin DVI da shuɗin ramin VGA, ga kuma wufa mai ramin AUX. Haɗin nan ya zama ruwan dare, kuma kusan duk tarkon da ke cikin wannan harka yana cikinsa.

DVI ita ce hanyar da ta fi masa, domin hoton DVI da na HDMI iri ɗaya ne, kebul mai kan HDMI a gefe ɗaya da kan DVI a ɗayan ya wadatar, babu bukatar konbata. Amma DVI ba ta ɗaukar sauti, kuma monitar za ta shaida wa PS4 haka. Sai ya sayo akwatin cire sauti, ya jona PS4 a HDMI IN, ya jona monita a HDMI OUT, ya kai waya daga akwatin zuwa wufa, ya kunna. Hoto ya fito, wufa shiru. Maɓallin yana kan PASS, wato akwatin ya miƙa wa PS4 bayanin monita yadda yake, PS4 ta ga babu mai karɓar sauti, ba ta turo ba. Akwatin ba zai tsinci abin da babu ba.

Sai ya tura maɓallin zuwa 5.1CH, a tunaninsa lamba mafi girma ta fi kyau. Yanzu akwatin ya gaya wa PS4 cewa akwai hom tiyata mai sifika shida, PS4 kuma tana iya turo Dolby. Wannan sautin ta ramin oftikal kawai yake fita daidai, zuwa na'urar da ta iya warware shi. Yawancin akwatunan nan ba su da abin warware Dolby, don haka a ramin ja da fari ko dai shiru, ko wata ƙara mai kaifi marar daɗin ji, wadda ke iya cutar da sifika idan a ƙure take. Wani lokaci kuma sautin ya fito amma da rashi: kiɗa na tashi, muryar mai sharhi ko ta 'yan cikin labari ta yi nisa ko ta ɓace. Dalili shi ne a tsarin sifika shida muryar mutane ta sifikar tsakiya take bi, akwatin kuwa hagu da dama kaɗai ya ɗauko.

Matsayin da ya dace da shi shi ne 2CH. A nan akwatin ke cewa akwai mai karɓar sauti na hanya biyu, PS4 ta haɗe komai cikin hagu da dama ta turo. Bayan tura maɓallin sai a cire wa akwatin wuta a mayar, ko a kashe PS4 a sake kunnawa, domin ana karanta bayanin ne lokacin da aka haɗu, ba kowane lokaci ba. Mutane da yawa sun tura maɓallin zuwa daidai, ba su sake kunnawa ba, suka yanke cewa akwatin jabu ne.

Saurayin namu zai iya cin karo da wasu abubuwa biyu da suka shafi hoto. Na farko HDCP, wato kullen da aka sa don hana kwafar fina-finai. PS4 tana zuwa da shi a kunne, kuma tsohuwar monitar da ba ta san shi ba baƙin allo kawai za ta nuna. Maganin shi ne a ari talabijin na ɗan lokaci, a jona PS4, a shiga Settings, sannan System, a cire alamar da ke kan Enable HDCP. Gem zai yi aiki lafiya, amma manhajojin kallo irin su Netflix za su ƙi buɗewa har sai an mayar da kullen. Na biyu girman hoto. Monitocin ofis da yawa masu inci 19 zuwa 22 ba cikakken 1080p ba ne. Akwai masu 1440 da 900, akwai masu 1680 da 1050. Idan PS4 ta turo abin da ya fi ƙarfinsu sai su rubuta Out of Range ko Input Not Supported. Tun ana kan talabijin ɗin aro sai a sauke Resolution zuwa 720p. Idan babu talabijin a kusa, a kashe PS4, a danne maɓallin kunnawa har sai an ji ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa bakwai, a jona fad da kebul, a zaɓi Change Resolution.

Da a ce monitar VGA kaɗai gare ta, da sai konbatar HDMI zuwa VGA, kuma akwai masu ramin sauti a jikinsu, waɗanda ke yin aikin biyu a lokaci guda. A nemi mai ramin wuta na USB. Wutar da ramin HDMI ke bayarwa kaɗan ce ƙwarai, a ƙa'ida miliamfiya 55, kuma konbatar da ta dogara da ita kaɗai ta yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki da PS4. Hoton VGA bai kai na DVI tsabta ba, saboda haka wannan mafita ce ta wanda ba shi da zaɓi.

Inda akwatin ke rage wa mai sabuwar na'ura

Ga mai PS4 da monitar 1080p, kusan kowane akwati ya isa. Ga mai PS5 ko Xbox Series X da ya kashe kuɗi a kan monita mai sauri, lamarin ya bambanta, domin duk hoton ta cikin akwatin zai ratsa, kuma ba zai wuce iyakar abin da akwatin ke iya ɗauka ba. Mai tsarin HDMI 1.4 yana tsayawa ne a 4K sau 30 a daƙiƙa. Mai HDMI 2.0, tsarin 2013 da ke ɗaukar gigabit 18, yana kai 4K sau 60, ko 1440p sau 120. Shi kuwa 4K sau 120 sai HDMI 2.1, mai gigabit 48, kuma akwatinsa ya fi sauran tsada da wuyar samu. Babban rubutun 4K da ke kan kwali ba ya nufin komai sai an ga lambar da ke biye da shi, 30Hz ko 60Hz.

Akwai wata asarar da ba a gani a kwali. Wasu akwatuna masu araha, idan aka sa su a 2CH, ba sauti kawai suke sauyawa a bayanin monita ba, duka bayanin suke musanyawa da nasu. Sai mai monitar 1440p ya ga na'urarsa ta koma 1080p, zaɓin 120Hz ya dushe, VRR ma, wato daidaita saurin allo da na gem, ya ɓace. Ana gane haka cikin minti biyu: a duba bayanan hoto a saitin na'urar ba tare da akwatin ba, sannan a sake dubawa da shi. A PS5, wadda ta fara fidda 1440p a Satumbar 2022, akwai gwajin Test 1440p Output. A Xbox akwai shafin 4K TV details da ke jera abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. A ra'ayin mai wannan rubutu, wanda monitarsa ke da ramin fitar da sauti bai kamata ya saka akwati a hanyar hotonsa ba, sai in yana da hom tiyata mai oftikal da yake son ya ji ta da sifikunta duka. Ramin monitar kyauta ne, kuma ba ya taɓa hoto.

Masu sandar sauti, irin doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a gaban talabijin, su ma suna faɗawa wani tarko. Ramin HDMI da ke bayan yawancinsu an rubuta masa ARC, ma'ana yana jiran talabijin ta dawo masa da sauti ne. Monita, in ban da ƙalilan, ba ta yin wannan, kuma jona na'urar gem kai tsaye a wannan rami ba ya haifar da komai. Idan sandar tana da HDMI IN na daban, sai a bi ta nan a wuce zuwa monita. Idan babu, sai oftikal daga akwatin cire sauti, ko AUX daga monita. Haka nan ramin DisplayPort da ke bayan monitocin ofis: babu PlayStation ko Xbox mai irinsa, kuma kebul ɗin da aka fi sayarwa mai kan DisplayPort da HDMI hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta zuwa allo mai HDMI, ba ya juyawa.

Saura gurnani, wanda ke addabar mutane bayan komai ya yi daidai. Ana jin wani huuu mai kauri a wufa, ko tsiwa siririya da ke sauyawa da motsin hoto. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare wayar sauti daga monita ko akwati. Idan gurnanin ya tsaya, to ta hanyar haɗin yake shigowa. A jona na'urar gem da monita da wufa duka a soket ɗin ƙari guda ɗaya. Idan sifikar ko akwatin daga ramin USB na na'urar gem suke shan wuta, a mayar da su kan caja ta daban, mai kyau, don cajar bogi da kanta tana zuba ƙara cikin sauti. A raba wayar sauti da wayoyin wuta, kada a naɗe su tare. In duk bai yi ba, akwai ɗan abin da ake sakawa a tsakiyar wayar sauti, an rubuta masa Ground Loop Isolator, ko kuma a koma oftikal, wanda haske ne ke bi ta cikinsa, wuta ba ta da hanyar bi. Idan kuwa an zare wayar gurnanin bai tsaya ba, to wufar ce, ko wutar da take sha, musamman a kan ƙaramin jannareta ko inbata mai arha.

Wanda bai riga ya sayi monita ba yana iya kauce wa rabin wannan wahala tun a shago. Ya tafi da na'urar gem ɗinsa, da kebul, da iyafis a aljihu, ya ce, "Maigida, a ba ni soket in gwada." Ya tabbatar akwai HDMI, ya tabbatar cikakken 1080p ce, ya soka iyafis a ramin baya ya ji sauti a kunnen hagu da na dama, ya ɗan girgiza kan wayar ya ji ko yana yankewa, sannan ya danna maɓallan jikin monitar ya ga ƙarar tana hawa tana sauka. A monitar hannu maɓallan nan ne suka fi saurin mutuwa, kuma babu rimot da zai maye gurbinsu.